Yadda ake gane ko sistem zai natsu daga fol da ziro

Mafi yawan ɗaliban lantarki da nake gani a nan Katsina ba lissafin ne ke kada su ba, alama ce, ƙari da ragi. Mutum ya ga (s + 2) a ƙasa sai ya rubuta fol a +2, ya ce sistem ya lalace, alhali fol ɗin a −2 yake. To mu bi a hankali.

Ɗauki wannan: G(s) = (s + 3)/(s² + 2s + 5). Fara da na ƙasa, ka daidaita shi da sifili, abin da ya fito su ne fol. Nan za ka samu s = −1 ± 2j. In kana da Casio 991 shiga EQN ta fidda maka, ita i take rubutawa maimakon j, kar wannan ya ruɗa ka. Na sama kuma shi ke ba da ziro, s = −3.

Yanzu zana gicciye ka sa × a wurin fol, o a wurin ziro, ni dai ban yarda da amsar da ba zane ba. Abin dubawa ɓangaren zahirin fol ne, wato −1 ɗin nan da ke hagun layin tsakiya, domin shi ke zama e^(−t) a amsar sistem, kuma wannan raguwa yake yi har ya mutu. Shi 2j ɗin lilo kawai yake kawowa, radiyan 2 a sakan, allurar mita za ta wuce inda aka nufa ta dawo ta sake wucewa kaɗan sannan ta tsaya, kusan sakan 4 ke nan, bisa ƙa'idar raba 4 da girman ɓangaren zahirin, wato 1. Amma juya alamar tsakiya ta koma s² − 2s + 5, fol sun tsallaka dama, +1 ± 2j, lilon nan kuma e^(t) ke tura shi, cikin sakan 5 ya ninka kusan sau 148. Fol guda ɗaya tak a dama ya isa ya hana sistem natsuwa, ko da goma na hagu.

In sun hau kan layin tsakiya, kamar s² + 4 mai ±2j, lilo ne ba ƙaruwa ba raguwa, kar ka kira shi natsattse. In kuma sun maimaitu a wuri ɗaya kan layin, ƙaruwa zai yi.

Ziro ba shi ke yanke hukunci ba. Guda ɗaya a dama sai dai amsar ta fara ja baya kafin ta miƙe, kamar mai Keke Napep zai fita daga lungu. Amma kar ka kuskura ka soke (s − 1) na sama da (s − 1) na ƙasa ka ce an huta, a takarda ne ya ɓace, cikin na'ura yana nan yana girma.

Lasisin MATLAB da tsada, Octave kyauta ne:

```
pkg load control
G = tf([1 3],[1 2 5]);
pzmap(G)
```

Yi da hannu tukuna, sannan ka gwada da zanen da ya fito.