Yadda ake zaɓa tsakanin t-test da ANOVA a rahoton qPCR, da yadda ake zana sandunan kuskure bisa gaskiya

Ɗalibi a Maroua ko Ngaoundéré zai kwashe watanni yana renon shuka, ya fitar da RNA da ƙyar, sannan ya zo ya ɓata aikin a shafi ɗaya na lissafi. Bari mu bi aiki ɗaya daga tushe, da alƙaluman da na shirya don misali. A ce kana nazarin masakwa, dawar nan da ake dasawa a ƙasar laka da ake kira karal bayan damina, kana son sanin ko wata ƙwayar halitta tana ƙara aiki idan shukar ta sha ƙishi.

Mataki na farko shi ne ka ƙirga n, wato adadin shuke-shuken kowane rukuni, da gaskiya, domin duk abin da zai biyo baya a kansa ya dogara. Kana da tukwane huɗu da ake ba ruwa sosai, da huɗu da aka hana ruwa. Daga kowace shuka ka fitar da RNA, ka zuba a ramuka uku na farantin qPCR. Kowane rukuni ya ba ka lambobi 12 ke nan, amma n ɗinka 4 ne. Ramuka ukun nan ruwa ɗaya ne aka raba, abin da suke nunawa kawai shi ne daidaiton hannunka da na na'ura. Mai auna buhun gero ɗaya sau uku bai san nauyin buhunan kasuwa ba. Ka ɗauki matsakaicin ramuka ukun, ya zama lamba ɗaya ga kowace shuka. Idan rami ɗaya ya kauce wa 'yan'uwansa da fiye da rabin Ct, wato lambar zagaye da na'ura ke bayarwa ga kowane rami, ka duba shi, wataƙila kumfa ce ko kuskuren zubi. Wanda ya rubuta n = 12 zai samu p ƙarama ƙwarai da sanduna gajeru, kuma duk ƙarya ce, ko da bai yi niyya ba.

Na biyu, ka yi gwajin a kan ΔCt, wato Ct na ƙwayar da kake nazari a cire na ƙwayar ma'auni irin su aktin. Kada ka yi shi a kan ninkin da ake samu daga 2^(−ΔΔCt), domin ninki yana karkata gefe guda: ƙaruwa sau biyu 2 ne, raguwa sau biyu kuwa 0.5. Ka tuna kuma ƙaramin ΔCt yana nufin ƙwayar ta fi aiki. Ga ΔCt na kowace shuka a manhajar lissafi ta R; rukunin gishiri za mu zo kansa a gaba.

```
ruwa    <- c(5.1, 5.6, 4.8, 5.3)
fari    <- c(3.4, 4.1, 3.0, 3.9)
gishiri <- c(4.6, 5.2, 4.3, 4.7)
t.test(ruwa, fari)
```

Na uku, ka ƙirga rukunan da ka tsara tun kafin ka shuka. Idan biyu ne kacal, ruwa da fari, t-test ya wadatar. Umarnin t.test a R yana yin nau'in Welch da kansa, wanda ba ya ɗauka cewa warwatsuwar rukunan biyu daidai take, kuma shi na fi so. A nan matsakaicin masu ruwa 5.2 ne, na masu fari 3.6, tazara 1.6, t ya kai 5.33, p kusan 0.003. Sai yanzu za ka mayar da tazarar zuwa ninki: 2^1.6, kusan sau 3. Iyakokin amincewa na kashi 95 cikin ɗari sun tashi daga sau 1.8 zuwa sau 5.1, kuma ya kamata mai karatu ya ga wannan faɗin. Idan kuwa shuka ɗaya ka auna kafin hana ruwa da bayansa, lambobin a haɗe suke bibbiyu, sai ka ƙara paired = TRUE.

To, a ce akwai rukuni na uku, wanda aka shayar da ruwan gishiri. Nan ne mutane da yawa ke jera t-test uku. Matsalar ita ce kowane gwaji yana da kasadar kashi 5 cikin ɗari na nuna bambancin da babu shi. Idan ka jera uku, kasadar a samu aƙalla ɗaya na bogi tana iya kusantar kashi 14; rukuni huɗu kuwa gwaji shida ne, ta wuce kashi 20. Saboda haka ake yin ANOVA, wadda ke tambaya sau ɗaya ko warwatsuwar da ke tsakanin rukunai ta fi wadda ke cikinsu.

```
d <- stack(list(ruwa=ruwa, fari=fari, gishiri=gishiri))
m <- aov(values ~ ind, data = d)
summary(m)
TukeyHSD(m)
```

Za ka ga F kusan 16.1, p kusan 0.001. Abin da wannan ya ce kawai shi ne rukunan uku ba ɗaya suke ba. Bai faɗi wane ya bambanta da wane ba. Gwajin Tukey ne zai faɗa. Da waɗannan alƙaluman, sai tazara ta wuce kusan 0.81 kafin a yarda da ita. Ruwa da fari 1.6, ta wuce. Gishiri da fari 1.1, ta wuce. Ruwa da gishiri 0.5, ba ta kai ba. Kada ka rubuta cewa gishiri ba shi da tasiri. Ka rubuta cewa da shuke-shuke huɗu ba a iya tabbatar da bambanci ba, domin ƙaramin tasiri yana iya ɓuya a irin wannan adadi. Idan abin da ya dame ka shi ne kwatanta kowane rukuni da na ruwa kaɗai, gwajin Dunnett ya fi dacewa. Idan kuma iri biyu na masakwa ka gwada a yanayi biyu, ANOVA mai dalilai biyu kake buƙata.

Na huɗu, sandunan kuskure. Ɗauki rukunin ruwa. SD ɗinsa 0.34 ne, yana nuna yadda shuke-shuken suka bambanta da juna. SEM kuwa SD ne a raba da √n, ya zama 0.17, yana nuna yadda ka san matsakaicin daidai. Iyakar amincewa ta kashi 95 ita ce SEM sau 3.18 idan n = 4, wato 0.54 sama da ƙasa; da n = 3 sau 4.30 ne. Lambobi huɗun nan dai ba su canza ba, amma sandar ta ninka fiye da sau uku gwargwadon wadda ka zaɓa. Shi ya sa zaɓen SEM don kawai ta fi gajarta yaudarar mai karatu ne. Kuma kada ka yanke hukunci da ido: sandunan SEM biyu suna iya rabuwa alhali bambancin bai tabbata ba, musamman da n ƙarami. Masu aiki da Excel na Faransanci su yi amfani da ECARTYPE.STANDARD, domin ECARTYPE.PEARSON yana rage SD na samfur.

Shawarata ita ce da n ƙasa da goma ka zana kowace shuka a matsayin ɗigo, ka ja layi a matsakaici, ka ɗora SD ko iyakar amincewa. Rukunin ruwa ma a bar masa sandarsa. Sau da yawa za ka ga an mayar da shi 1 cif babu sanda, kamar shuke-shukensa ba su bambanta ba. A lissafa ΔΔCt na kowace shuka daga matsakaicin rukunin ruwa, warwatsuwarsa za ta fito. Idan ninki za ka zana, ka lissafa iyakoki biyun a ΔCt tukuna ka mayar da kowanne, sandar sama za ta fi ta ƙasa tsawo, kuma haka ya kamata.

A ƙarƙashin zanen ka rubuta komai a jimla biyu ko uku: kowane ɗigo shuka ɗaya ce, matsakaicin ramuka uku; n = 4; sanduna SD ne; an yi ANOVA a kan ΔCt sannan Tukey. Ka sa ainihin ƙimar p maimakon taurari kaɗai. Idan ka cire wata shuka saboda RNA ɗinta ya lalace, ka faɗi wacce ce da dalilin cire ta.