Yadda ake tsara kanun babi, jerin abubuwan ciki da lambar shafi a kundin digiri

Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke Zinder zai tarar da Word a Faransanci, don haka da sunayensa za mu bi. Da farko a ɗora kibiya kan sunan kowane babi a zaɓi Titre 1 daga akwatin Styles, ƙananan sassa kuma a ba su Titre 2, domin ƙara wa rubutu girma da hannu ba ya sa Word ya gane shi a matsayin kanu. Daga nan a je shafin da aka ware wa jerin abubuwan ciki, a shiga Références a latsa Table des matières.

Lambar shafi ita ce mai wuya. Idan ana son godiya da sadaukarwa su ɗauki i, ii, gabatarwa kuma ta fara da 1, sai a tsaya gabanin gabatarwar, a shiga Mise en page, a buɗe Sauts de pages, a zaɓi Page suivante. A danna gindin shafin gabatarwar sau biyu, a kashe Lier au précédent, a sa lambar shafi daga Numéro de page, sannan a cikin Format des numéros de page da ke nan ƙarƙashinsa a sa 1 a gurbin À partir de. Sai a koma gindin shafin godiya, a sa masa lamba shi ma, a zaɓi i, ii, iii a cikin Format des numéros de page. Wanda ya ga gabatarwarsa ta fara da 7, wannan gurbin ne bai cika ba.

Kafin a kai kundin wurin bugawa, a latsa kan jerin a danna F9, a zaɓi Mettre à jour toute la table.