Maganin rage kwaɗayin giya: ka faɗa wa likita har tiramol ɗin da ke jakarka

A Katsina, mai shan giya sai ya ɓuya. A Ingila kuwa tana nan a kantin da kake sayen burodi, ga sanyi, ga kaɗaici, ba mai kallonka. Na ga ’yan gidan mutunci da abin ya kama, kunya ta hana su magana. To ɗan’uwa, akwai magani, kuma sirrinka yana tsakaninka da likita. Ka fara da GP, wato likitan unguwa da ka yi rajista a wurinsa.

Idan mutum ya sha giya, ƙwaƙwalwa na sakin sinadaran da ke kawo jin daɗi, su sauka a wasu gurabe. Maganin da ake kira naltrexone toshe waɗannan gurabe yake yi. Ko an kurɓa, daɗin ba ya zuwa kamar da, sai kwalba ɗaya ba ta jawo ta biyar ba. Ƙwaya ɗaya ce, miligiram 50 a rana, bayan an gwada hanta.

A nan nake so ka tsaya. Guraben nan su ne dai tiramol da kodin suke kamawa. Wani matashi ɗan unguwarmu ya taho da tiramol daga kemis na gida, yana sha kullum saboda ciwon bayan aikin sito. Da aka tambaye shi ko yana shan wani magani, sai ya ce a’a. Ya haɗiyi naltrexone da safe, kafin awa guda gumi ya jiƙe masa riga, ga amai, ga zawo, gaɓoɓi kamar ana sara. Maganin ne ya fizge tiramol daga gurbinsa lokaci guda. Dole sai jiki ya yi kwana 7 zuwa 10 babu irin waɗannan kafin a fara.

Daga baya acamprosate aka ba shi. Shi aikinsa daban: ƙwaƙwalwar da ta saba da giya tana danne ta, idan an daina sai ta riƙa zabura, barci ya ƙi, rai ya ƙi kwanciya. Wannan zaburar yake lafawa a hankali. Ga mai nauyin kilo 60 zuwa sama, ƙwaya biyu ne na miligiram 333, sau uku a rana, har wata shida ko fiye. Ƙoda ke fitar da shi, don haka ita ake gwadawa. Zawo ya dame shi makon farko, ya wuce. Da azumi ya matso, ya koma wurin likita suka tsara lokutan sha.

Duka biyun ba sa maganin karkarwar daina giya. Idan hannunka na rawa da safe sai ka kurɓa ya tsaya, kada ka yanke rana ɗaya don tuba ta zo maka. Farfaɗiya na iya biyo baya cikin kwana biyu. Ka bari likita ya sauke ka, sannan a fara ƙwayar.