Yadda Ake Rubuta wa Banki Ƙorafi Idan An Cire Kuɗi Daga Asusun Kasuwanci Ba Da Izini Ba

'Yan kasuwa da dama suna ta tambayata kan wannan, to ga matakan a jere.

1. Ciro bayanin asusu na watan, ka ja layi a ƙarƙashin kuɗin da aka cire.

2. Tambayi duk mai sa hannu a asusun da mai riƙe da katin kamfani. Sau da yawa wani abokin aiki ne ya biya kuɗin wata hidima mai sabunta kanta duk wata, ya manta.

3. Idan da kati aka cire, kira banki su toshe shi nan take.

4. Rubuta wasiƙa zuwa ga manajan reshe a kan takardar kamfani mai tambari.

5. Saka lambar asusu, ranar cirewa, adadin kuɗin da lambar hada-hadar. Misali: "A ranar 14 ga Maris an cire 45,000 daga asusunmu da sunan kuɗin hidima. Ba mu ba da izini ba, kuma babu shi a jadawalin cajin da muka amince da shi. Muna neman a mayar mana da kuɗin, a kuma yi mana bayani a rubuce."

Hattara: kada ka rubuta lambar sirri ko cikakkiyar lambar kati. Lambobi huɗu na ƙarshe sun isa.

6. Masu izinin sa hannu a asusun su sa hannu. Idan sai mutum biyu suke sawa, sa hannun ɗaya kan sa a ajiye wasiƙar gefe.

7. Kai kwafi biyu, a buga hatimi da kwanan wata a naka, ka karɓi lambar ƙorafi.

8. Idan wa'adin da suka ba ka ya wuce shiru, kai kwafin mai hatimi ga hukumar da ke sa ido kan bankuna.