Kafin ka sake buɗe shago, warware bashin da ke kanka

Wanda jarinsa ya karye yakan yi saurin neman wani rancen. Dakata tukuna. Ɗauki littafi ka rubuta duk mai binka, nawa ne, yaushe aka yi alkawarin biya. A wani shafin ka rubuta masu riƙe da kuɗinka. Bashin da ya wuce wata shida ba a taɓa shi ba, kada ka lissafa shi cikin jari, in ya shigo to alhamdulillahi.

Sannan ka je wurin dilan da ke ba ka kaya, da ƙafarka, kafin shi ya nemo ka. Faɗa masa abin da za ka iya biya duk mako, ko da kaɗan ne, kuma kada ka saɓa. Cika ƙaramin alkawari sau huɗu a jere ya fi dogon ban haƙuri sa shi ya sake sakar maka kaya.

Yawanci abin da ke cinye jari shi ne haɗa aljihu da akwatin shago. Kayan da ka saro dubu ɗari ka sayar dubu ɗari da goma sha biyar, ribarka sha biyar ce, ita ma kafin haya da kuɗin mota. In ka ɗebi ashirin don cefane, ka ci biyar daga uwar kuɗi. Alamarsa: ciniki na tafiya, amma kanta na raguwa duk sari. Yanka wa kanka albashi, sauran ya koma kaya.