Siris ko faralal: inda ake yawan tafka kuskure wurin haɗa fanel ɗin sola

Wancan watan wani mai shagon cajin waya a Jega ya kira ni yana ta faɗa, wai an sayar mishi da fanel na bogi. Fanel biyu ne wat 150 kowanne, batir ɗaya bolt 12, da ƴar kwanturola PWM mai amfiya 30. Da fanel ɗaya yake aiki, ya ƙaro na biyu don batirin ya riƙa cika da wuri, amma ko kaɗan babu abin da ya canza, kafin isha'i batir ya kwanta. Da munka hau saman kwano sai na ga yaron da ya yi mishi aikin siris ya haɗa su, wato fulas na wannan cikin mainas na wancan, kamar yadda ake jera batir cikin tocila.

To ga yadda abin yake. In ka yi siris bolt ne ke taruwa, amfiya tana nan yadda take. In ka yi faralal, fulas da fulas, mainas da mainas, amfiya ce ke taruwa bolt bai motsawa. A bayan fanel ɗin nashi an rubuta Vmp 18V, Imp 8.3A, wato bolt da amfiyar da yake bayarwa lokacin da yake cikakken aiki. Siris zai ba da bolt 36 da amfiya 8.3, faralal kuma bolt 18 da amfiya 16.6. A takarda duk wat 300 ne, shi ya sa mutane ke cewa ai duk ɗaya ne, alhali kwanturola ce ke yanke hukunci. Ita PWM ba ta iya juya rarar bolt ta koma amfiya, jawo fanel take yi ƙasa zuwa bolt ɗin batir, wajen 14 lokacin caji. Lissafa 14 sau 8.3, wat 116 ke nan, daidai abin da fanel ɗaya ke ba shi tun farko, kuɗin na biyun yana kan kwano yana shan rana a banza. Da munka mai da su faralal, kusan amfiya 15 mita ta nuna da azahar.

Sai dai na ce mishi Alhaji sai an canza waya. Mai kaurin 2.5mm ce anka ja tun daga saman kwano, kuma amfiya ta ninka, siririyar waya mai tsawo zafi za ta yi ta cinye wutar a hanya. Munka sa mai 6. Ya ɗan yi tsaki kan kuɗin amma ya saya.

Masu ɗaya irin kwanturolar, wato MPPT, nasu kuskuren daban ne kuma ya fi tsada. Ita MPPT tana son siris, don tana sauke bolt ta mai da shi amfiya, waya ma ba sai mai kauri sosai ba. Amma tana da iyaka, a jikinta za ka ga misali Max PV 100V. Mutum sai ya ɗauki Vmp ya yi lissafi, fanel uku bolt 32 kowanne, 96 ke nan, ya ce ai bai kai ba. Ba da Vmp ake wannan lissafin ba, da Voc ake yi, wato bolt ɗin fanel lokacin da ba a jan komai, kuma irin wanga fanel Voc ɗinshi wajen 40 ne, uku 120, ka ga an wuce. Ga shi sanyi na ƙara bolt, safiyar hunturu ta fi tsakar ranar bazara haɗari, don haka ko lissafinka ya tsaya 98 kar ka yarda, bar sarari. Fanel huɗu gare ka? Yi biyu biyu siris sannan ka haɗa layukan faralal.

Akwai kuma mai babbar inbata da MPPT ɗinta sai bolt ya kai wajen 120 take farawa, ya jera fanel shida duk faralal, bolt na nan 40, rana kamar ta ƙona mutum amma allo na nuna sifili.

Gauraya fanel ma ana yi sosai, an samu na hannu mai araha a kasuwa an liƙa. A siris mai ƙaramar amfiya ke ja wa sauran, in ɗaya 5 ne ɗaya 9 layin kusan 5 zai tsaya, haka in inuwar dogon yaro ta rufe guda ɗaya layin gaba ɗaya zai ji a jikinshi. A faralal bolt ɗinsu ne ya kamata ya zo ɗaya.

Kafin ka soka waya cikin kwanturola, sa mita a DC ka auna bakin wayoyin biyu da rana. Fanel biyu masu Voc 22, in ka ga wajen 20 zuwa 22 faralal ne, in ka ga 40 da wani abu siris ne, in kuma alamar mainas ta fito a gaban lambar to ka juya wayoyin. Batir ake fara haɗawa da kwanturola, fanel daga baya.