Wasiƙar neman aikin yaron kanti a jarrabawar Ingilishi: inda ɗalibaina suke zubar da maki

Duk shekara idan jarrabawa ta gabato, ɗaliban da nake koya wa Ingilishin kasuwanci da yamma a nan Damagaram sukan kawo mini wasiƙunsu in duba, kuma jan birona a wuri ɗaya yake ƙarewa. Tambayar ba ta cika sauyawa ba: ga sanarwa da aka yanko daga jarida, wani kanti yana neman mai taimakawa wajen sayar da kaya, ka rubuta wasiƙar neman aikin. Na gaji da maimaita gyara iri ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya.

Babban ciwon shi ne Faransancin da muka sha a lakwal. An koya mana takardar neman aiki irin ta ofisoshin gwamnati, wadda ake buɗewa da roƙon alfarmar mai girma shugaba, a rufe da doguwar jimlar ban girma mai layi uku. Sai yaro ya ɗauko ta ɗungurungum ya juya ta Ingilishi kalma bayan kalma. Ni ma na yi. Ranar da na zauna wannan jarrabawa na cika rabin shafi da girmamawa, na ce ni maraya ne mai ƙanne biyar, na roƙi manaja ya dubi Allah ya taimake ni. Na fito ina taƙama, a zatona na burge. Bakwai bisa ashirin na samu, kuma wannan bakwai ɗin ce ta ja ni ƙasa har na maimaita shekara. Da na kai wa malaminmu kwafin abin da na rubuta, ya karanta ya ɗago kai ya ce, "Ɗana, mai kanti ya ce yana neman wanda ya iya lissafi. Ina lissafin a nan? Kai sadaka ka zo nema ko aiki?" Na ce, "Malam, ai ladabi na yi." Ya ce ladabin wasiƙar Ingilishi shi ne kada ka ɓata wa mai karatu lokaci.

Tun daga ranar na ɗauki wata al'ada da nake tilasta wa ɗalibaina. Kafin ka rubuta ko harafi ɗaya, ka ja layi ƙarƙashin kowane sharaɗi da ke cikin sanarwar, ka sa masa lamba. A ce sanarwar ta fito a Le Sahel ranar 4 ga Maris, tana cewa kantin atamfa da shadda yana son matashi mai jin Hausa da Faransanci da ɗan Ingilishi, wanda ya iya lissafi, kuma zai iya aiki ranar Asabar, a rubuto wa manaja. Sharuɗɗa uku ke nan: harshe, lissafi, Asabar. Wasiƙarka amsa ce ga waɗannan ukun, kuma mai gyaran takarda su zai bi yana nema ɗaya bayan ɗaya. Jimlar farko ta faɗi aikin da inda ka gan shi, ba gaisuwa, ba tambayar iyali:

```
I am writing to apply for the post of shop assistant
advertised in Le Sahel of 4 March.
```

Sakin layi na biyu ya kawo hujja. A nan ne yara suke ba ni haushi ƙwarai. Yarinya ta shekara biyu tana tsare wa kawunta rumfa a Kasuwar Dole, tana auna yadi, tana ba da canji, tana rubuta bashin masu ɗauka su biya ƙarshen wata, amma ba za ta sa ko ɗaya a wasiƙa ba, wai wannan ba aiki ba ne tunda ba ofis. Sai ta rubuta cewa ita mai gaskiya ce, mai ƙwazo, mai son mutane. Wa zai ce shi maƙaryaci ne? Kowa a ɗakin jarrabawar haka ya rubuta. Ki ce shekara biyu kina sayar da yadi, ke kike ƙirga cinikin yini da yamma ki rubuta a littafi. Wannan jimla ɗaya ta amsa sharaɗin lissafi, ta kuma nuna an taɓa amince miki da kuɗi. Sai harsuna a jimla guda. Asabar kuwa ita aka fi mantawa, alhali kalmomi shida ko bakwai sun isa a ce ana iya aiki ranar.

A cikin wannan sakin layin akwai tarkon nahawu da yake kama kusan kowa. Faransanci yana faɗin abin da aka fara tun da daɗewa ana kuma ci gaba da shi da lokaci na yanzu, sai ɗalibi ya rubuta "I work here since two years". Daidai shi ne "I have worked here for two years". Ka riƙe wannan: "for" na tafiya da tsawon lokaci, "since" na tafiya da lokacin farawa, kamar 2022.

Kuskure na biyu da ke sa in ajiye biro in riƙe kai shi ne kalmomin da suka yi kama da na Faransanci amma ma'anarsu dabam. Wanda ya rubuta "I demand this job" yana zaton nema yake yi cikin ladabi, alhali ce wa manaja ya yi dole a ba shi aikin. Wani ya ce ya yi aiki a "magazine", yana nufin kanti, ya mayar da kansa ɗan jarida. Horon da ka samu "training" ne, ba "formation" ba. Dabarata ba ta littafi ba ce, amma tana yi mini aiki: duk kalmar da ta zo maka da sauƙi don ta yi kama da Faransanci, ka tuhume ta, ka nemi ƙaramar kalmar da ka sani tun ajin farko.

Buɗewa da rufewa a haɗe suke kamar ƙwarya da faifai. Sanarwarmu ba ta ba da sunan manaja ba, don haka "Dear Sir or Madam" za ka buɗe da shi, ka rufe da "Yours faithfully". Da ta ba da suna, sai ka kira shi da sunan, ka rufe da "Yours sincerely". Wannan tsarin Birtaniya ne, shi nake koyarwa, kuma ba na yarda a gauraya. Kafin rufewar, sakin layi na uku gajere ne: ka haɗo takardar tarihin karatu da aikinka, kana shirye a kira ka ganawa, sannan "I look forward to hearing from you". Ka lura da "hearing" ɗin nan, kullum sai wani ya yanke masa wutsiya.

Sauran ƙananan ne. Adireshinka a sama, na kanti a hagu ƙasa da shi, sunanka kuwa sai can ƙarshe, ƙarƙashin sa hannu. Kada ka fara kwanan wata da sunan gari kamar yadda muka saba. Ka rubuta watan da haruffa, "7 March 2024", domin 07/03 a wurin Ba'amurke 3 ga Yuli ne. Ba a gajarta kalmomi irin na hira. Ba a zancen albashi sai in sanarwar ta tambaya. Sunan da takardar jarrabawa ta ba ka shi za ka sa, in ta bayar.

Tsawo kuma, in an ƙayyade yawan kalmomi, ka ƙirga su da gaske. Ni nakan sa ɗalibaina su ƙirga layi ɗaya su ninka da yawan layukan, ba ya cin minti guda. Bara wani yaro ya kawo mini shafi biyu cif, rubutu kyakkyawa kamar na ɗab'i. Na miƙa masa sanarwar na ce ya nuna mini inda ya ambaci Asabar. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya shafi, sannan ya ce, "Malam, a ba ni wata takardar."